Jan allo a ɗakin tace fim: yadda edita ke dawo da hotunan da suka ɓace wa aikinsa

Duk wanda ya taɓa zama kusa da edita a ɗaya daga cikin situdiyon da ke titin gidan Zoo a Kano, ko a shagon masu bidiyon biki na unguwarsu, zai iya yiwuwa ya ga wannan abu. Edita ya kunna kwamfuta, ya buɗe aikin da ya kwashe mako biyu yana yi, sai allon da ya kamata ya nuna fuskar amarya ya rikiɗe ya zama ja wur, da rubutu a kai cikin harsuna daban-daban. Na Turancin shi ne Media Offline. Mai biki yana tsaye a bayansa yana jiran kayansa, ga shi babu hoto ko ɗaya.

Sabon shiga yakan ɗauka aikin ya lalace. A mafi yawan lokuta babu abin da ya taɓa shi, kuma dalilin yana cikin yadda manhajojin tace bidiyo suke aiki. Adobe Premiere Pro, wadda editocin Kannywood da yawa suka saba da ita, ba ta haɗiye bidiyon da aka shigar mata. Fayil ɗin aikin, mai ƙarewa da .prproj, ɗan ƙarami ne, sau da yawa bai kai nauyin waƙa ɗaya ba, alhali hotunan da aka ɗauko sun cika faifan ajiya. Abin da ke cikinsa kwatance ne kawai: a je folda kaza, a ɗauko fayil kaza, a nuna daga daƙiƙa kaza zuwa kaza, a ƙara masa haske kaɗan. Kamar ɗan aike ne da aka ba shi kwatancen gida a rubuce. Idan mutanen gidan sun tashi sun koma wata unguwa, ɗan aiken zai dawo hannu rabbana, ba don sun mutu ba.

Abubuwa uku ne suka fi sa kwatancen ya daina aiki: a matsar da folda, a sauya mata suna, ko Windows ta ba faifan ajiya na waje wani harafi dabam. Na ukun ya fi ruɗa mutane, domin ba wanda ya taɓa komai. Jiya faifan yana E, yau wani ya riga ya soka filashinsa a kwamfutar, filashin ya karɓi E, faifan ya koma F. Maganinsa shi ne a rufe manhajar, a cire filashin, a buɗe Disk Management, a danna faifan da maɓallin dama, a zaɓi Change Drive Letter and Paths, a mayar masa da harafinsa. Editocin da suka sha wuya sukan ba faifansu harafi daga can ƙarshe, irin su V ko X, wanda da wuya wani filashi ya ƙwace.

A ɗauki misalin bikin kwana uku: kamu, ɗaurin aure da dina. Mai kyamara ya kawo gutsattsarin bidiyo 240, edita ya zuba su a folda uku, ya yi aikinsa. Faifai ya kusa cika, sai yaron shago ya kwashe komai ya kai sabon faifai, ya kuma saka shi cikin wata sabuwar folda don ya ga wuri ya yi tsaf. Kwatancen da ke cikin aikin da wurin da fayil ɗin yake a yanzu sun saɓa:

```
E:\Biki\Kamu\00012.MTS
F:\Ayyuka\Biki\Kamu\00012.MTS
```

Da an buɗe aikin, taga mai suna Link Media za ta fito da jerin duk abin da ya ɓace. Kafin edita ya danna komai, abin da ya kamata ya fara karantawa shi ne layin File Path, inda aka rubuta wurin da manhajar ta ga fayil ɗin a karo na ƙarshe. Wannan layin ne yake gaya masa ko harafi ne ya sauya ko folda ce ta tashi. Daga nan sai ya zaɓi guntu ɗaya, ya tabbatar akwai alama a akwatin Relink others automatically, ya danna Locate. Wata taga za ta buɗe, ya bi da hannunsa har cikin sabuwar foldar Kamu, ya sa alama a Display Only Exact Name Matches don sauran fayiloli su kau daga gabansa, ya zaɓi 00012.MTS, ya danna OK. Tunda yaron bai hargitsa tsarin ƙananan foldojin ba, manhajar za ta gane cewa unguwar ce gaba ɗaya ta koma sabon wuri, ta bi sawu ta haɗa sauran, yawanci cikin ƙasa da minti guda. Idan tagar ta rufe kafin a gama, ba a rasa komai ba: a zaɓi gutsattsarin a ɓangaren Project, a danna maɓallin dama, Link Media tana nan.

Wannan shi ne mai sauƙin. Inda aiki yake lalacewa da gaske wani wuri ne, kuma a can ba jan allon da zai yi gargaɗi.

Kyamarori ba su da dabarar raɗa suna. Waɗanda ke ɗauka da tsarin AVCHD suna fara ƙirga daga 00000.MTS, kuma da an goge katin ajiya sai su sake farawa daga farko. Wasu kyamarorin Sony suna ba da C0001.MP4, su ma suna iya maimaitawa. Ke nan a bikin nan akwai 00012.MTS guda uku: na kamu, na ɗaurin aure, na dina. Editan da ke gaggawa, maimakon ya bi folda da kansa, sai ya nuna wa manhajar faifan gaba ɗaya ya danna Search. Za ta kawo masa fayil na farko da ta ci karo da shi mai wannan suna, kuma ba dole ba ne ya zama shi ake nema. Ya amince, jan allo ya tafi, hankalinsa ya kwanta. Sai ranar da dangi suka taru suna kallo, a tsakiyar kamu, mata na feshin turare, kwatsam ga maza cikin manyan riguna suna rabon goro a ƙofar masallaci na tsawon daƙiƙa shida. Manhajar ta yanka daidai inda aka ce ta yanka, amma a cikin fayil ɗin wata rana.

Akwai alamomin da ke tona irin wannan kuskure ga wanda ya san abin da zai duba. Idan fayil ɗin da aka haɗa ya fi na asali gajarta, guntun da ke kan Timeline zai fito da zane-zanen layuka a karkace a daidai inda hoto ya ƙare masa. Idan sautin da aka naɗa da na'ura ta dabam ya daina tafiya da bakin mai magana, nan ma akwai magana. Amma idan baƙon fayil ɗin ya fi na asali tsawo, babu layi, babu ƙorafi, ido ne kaɗai zai kama shi. Shi ya sa edita mai hankali, bayan kowane haɗi, yake buɗe jerin gutsattsarinsa ya duba hanyar da kowanne ya kama, ya ga na foldar Kamu duk suna nuni zuwa Kamu, sannan ya bi aikin daga farko zuwa ƙarshe ko da a guje ne.

Rigakafin yana cikin tagar Link Media ɗin kanta, a ƙarƙashin Match File Properties. A nan ake gaya wa manhajar da me za ta gane fayil. File Name da File Extension su ne aka saba bari da alama. Idan akwai sunaye masu maimaituwa, sai a ƙara Media Start, wato lambar lokacin da kyamara ta buga a farkon ɗaukar. Wannan yana taimakawa ne kawai idan kyamarar tana buga lokaci mai tafiya. Wayoyi da ƙananan kyamarori da yawa suna fara kowane fayil daga sifili, ka ga kuwa ba abin da zai bambance su. A irin wannan hali hanya ɗaya ce: a cire alamar haɗawa ta kai tsaye idan ana shakka, a yi aikin folda bayan folda, na kamu su kaɗai, sannan na ɗaurin aure. Wanda kuma ya riga ya haɗa ba daidai ba, ya zaɓi gutsattsarin, ya danna Make Offline, ya sake haɗawa. A nan sai an buɗe ido sosai, domin zaɓi biyu ne ke fitowa. Media Files Remain on Disk shi ake so. Ɗayan, Media Files Are Deleted, yana goge ainihin bidiyon daga faifai.

Wani lokaci manhajar takan ƙi karɓar fayil ɗin da aka nuna mata, ta ce adadin layukan sautinsa bai yi daidai da na asali ba. Yawanci hakan na nufin ba na asalin ba ne, kwafi ne da aka juya shi zuwa wani tsari, ko wanda ya biyo ta WhatsApp aka matse shi. Gara a nemo katin ko faifan farko da a tilasta mata.

Akwai kuma ɓarnar da babu maɓallin da ke gyara ta. Da a ce yaron shagon nan ya juye foldojin uku cikin guda ɗaya, Windows za ta tambaye shi me za ta yi da sunayen da suka zo ɗaya. Idan ya zaɓi a ajiye duka, za ta laƙa wa na biyu lamba a cikin baka, a sha wahalar tantancewa ɗaya bayan ɗaya amma a samu. Idan ya zaɓi a maye gurbi, dina ta hau kan kamu ta danne. Sai dai a koma ga tsohon faifai idan ba a goge ba tukuna, ko a roƙi mai kyamara ya duba ko yana da kwafi. Saboda haka ne bai kamata a goge tsohon wuri ba sai an buɗe aikin daga sabon wuri an ga komai ya hau.

Masu amfani da DaVinci Resolve ma suna ganin irin wannan jan gargaɗi, kuma tunanin ɗaya ne. A Media Pool ake zaɓar gutsattsarin, a danna Relink Selected Clips a nuna folda, ko Change Source Folder idan an san tsohuwar hanya da sabuwa. Tarkon sunaye masu kama da juna yana nan a can ma, musamman idan aka bar ta ta yi bincike mai zurfi a faifai gaba ɗaya.

Situdiyon da ba ya son maimaita wannan tashin hankali yakan ɗauki ɗabi'u biyu. Tun ranar da kati ya iso, kafin a shigar da komai cikin manhaja, kowane kati yana samun foldarsa mai suna da kwanan wata, a cikin babbar folda ɗaya da ke riƙe da fayil ɗin aikin, kiɗa, hotunan katin gayyata, har da ɗan tambarin situdiyo da aka saba mantawa a Downloads. Idan babbar foldar ta tashi gaba ɗayanta, Premiere Pro kan gano kayanta da kanta. Sannan idan za a miƙa aikin ga wani edita, ko ga mai gyaran sauti a wani gari, ba a kwafe foldoji da hannu. Ana shiga File, a zaɓi Project Manager, a danna Collect Files and Copy to New Location. Manhajar za ta tattaro abin da aikin ya dogara da shi daga duk lungun da yake, ta zuba a wuri ɗaya tare da sabon fayil ɗin aiki mai ɗauke da sabon kwatance. Kafin faifan ya bar shago, sai a soka shi a wata kwamfutar a buɗe aikin a can, domin a kwamfutar da aka yi shi komai zai iya bayyana lafiya alhali wata waƙa ɗaya tana zaune a Desktop ba ta bi faifan ba.