Asara ɗaya, amma wani ya rame wani ya yi ƙiba

A daminar 2023, lokacin da cuta ta ruɓar da gonakin citta a Kudancin Kaduna, 'yan'uwana biyu da ke saro citta a Kafanchan suna kaiwa Legas suka tafka asara tare. Kuɗin da suka ba manoma tun kafin girbi ya bi ruwa. Yayana ya daina cin abinci, ko faten acca aka dama masa sai ya yi cokali biyu ya ture. Ƙanena kuwa tsakar dare zai tashi neman burodi da lemon kwalba. A gida aka ce shi abin bai dame shi ba. Ni ma na faɗa, kuma na yi kuskure.

Idan tashin hankali ya zo, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari, CRH, mai sa jiki shirin gudu ko faɗa. Yana kashe yunwa, ciki ya rage aiki, baki ya bushe. Yawancin mutane abin kan lafa bayan 'yan kwanaki. Wasu kuwa jikinsu ya ƙi sauka daga wannan shiri, su farka tun kafin asuba, abinci ya zame musu kamar dusa. Yayana ke nan.

Amma CRH ɗin nan shi ke sa a saki kotisol, shi kuma idan ya daɗe a jini yana iya jan mutum ga zaƙi da maiƙo, don suna ɗan kwantar da rai na mintuna. Rashin barci ma yana ƙara girelin, sinadarin da ciki ke aikawa ya ce ana jin yunwa. Wani bincike da aka buga a 2016 daga Tulsa, a Amurka, ya nuna wa masu ciwon damuwa hotunan abinci ana duban ƙwaƙwalwarsu. Masu yawan ci, sashen kwaɗayi ya fi motsawa. Marasa ci, sashen da ke sauraron saƙon jiki ne ya yi sanyi. Wato ba rashin tawakkali ba ne, ba kuma haɗama ba.

Daga cikin ma'aunin likitoci akwai baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai na mako 2, da sauyin nauyi sama da kashi 5 cikin 100 a wata guda, sama ko ƙasa. Mai kilo 60, kilo 3 ke nan. Sai dai a fara gwada suga da tarin fuka, su ma suna ramarwa. Wanda ke Kafanchan zai iya farawa daga babban asibitin garin, idan da buƙata a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, Kaduna.

Yayana muka kai asibiti da wuri, don ramarsa kowa ya gani. Ƙanena sai da ya kusa shekara kafin wani ya tambaye shi lafiya.