Dariyar yaro daban, ta uba daban: abin da Zootopia ya ɓoye a ofishin lasisi

Wanda ya taɓa zama da 'ya'yansa ranar Asabar suna kallon Zootopia, fim ɗin zane da kamfanin Disney ya fitar a 2016, zai iya tuna wurin da falo ke kaurewa da dariya. Yara na birgima a kan kafet, uba kuma yana girgiza kai yana murmushin da ya fi kama da na wanda aka taɓa wa tsohon miki. Hoto ɗaya suke kallo, amma abin da ya ba kowannensu dariya ya sha bamban.

Labarin na wata zomanya ce mai suna Judy Hopps, sabuwar 'yar sanda a birnin dabbobi. Shugabanta, wani ɓauna mai suna Bogo, ya ba ta sa'o'i 48 ta gano wani magidanci da ya ɓace, in ta gaza ta ajiye aiki. Abin da ta samu a hannu lambar wata mota ce, kuma ba a riga an shigar da ita cikin na'urar 'yan sanda ba, balle ta bincika da kanta. Sai Nick Wilde, wani dila mai rayuwa da wayo, ya ce yana da aboki a ofishin rajistar motoci. Da suka shiga, sai ta tarar duk ma'aikatan sulot ne, wato wata dabbar dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu wadda ta fi hawainiya sanyin jiki.

Abin da yaro yake gani

Rabon yaro a fili yake, ba ya buƙatar ya san komai game da gwamnati. Ma'aikaci na ɗaga hatimi kamar mai ɗaga turmi. Abokin Nick, wanda sunansa Flash, yana danna lambar motar harafi bayan harafi da farce ɗaya. Yana tsayawa a tsakiyar zance, Judy ta ɗauka ya gama ta fara magana, sai ya ƙaro kalma ɗaya. Saura lamba ɗaya tak a gama, Nick ya jefo wani barkwanci a kan raƙumi mai tozo uku. Nan ne fuskar Flash ke buɗewa sannu a hankali: idanu su faɗaɗa, baki ya wage, sannan dariyar ta fito daki-daki.

Wannan raha ce ta jiki da ta lokaci. An haɗa dabbar da ta fi kowa gaggawa da wadda ta fi kowa nawa, aka bar mai kallo yana jira tare da su. Yaro ɗan shekara biyar da bai jin Turanci ma zai yi dariya, domin fuska da motsi sun gama bayani.

Abin da babba yake tunawa

Rabon babba kuwa ba ya kan allo gaba ɗaya. Rabinsa yana cikin ƙwaƙwalwarsa. An rubuta DMV a ofishin, haruffan da Amurkawa suka sani na hukumar lasisin tuƙi a jihohi da dama, wadda ta yi ƙaurin suna wajen dogon layi. A fim ɗin an mayar da harafin tsakiya ya tsaya a madadin dabbobi masu shayarwa. Sunan Flash kansa yana nufin walƙiya. Amma ko mutum bai taɓa taka Amurka ba, in dai ya taɓa riƙe fayil yana jiran sa hannu, ya san yadda ake shiga ofis da rana a fito da dare, kamar yadda ya faru da Judy.

Akwai kuma wani zaren da ya fi wannan siriri. Flash ba ya neman na goro, ba ya ɗaure fuska, bai ce a dawo gobe ba, kuma takardar da ya bayar daidai take. Nawarsa halitta ce. Wanda ya ɓata lokaci da gangan Nick ne. Tun farko Judy ta tilasta masa taimaka mata ne bayan ta naɗi muryarsa yana alfahari da samun dala 200 kullum tun yana ɗan shekara 12, ta lissafa masa dala 1,460,000 da bai biya wa haraji ba. Saboda haka yana da riba in wa'adinta ya ƙare. Yaro ya ga dila mai tsokana. Ma'aikacin da ya daɗe a sakatariya kuwa ya ga abin da ya sani sarai: tsari mai nawa yakan zama makami a hannun wanda jinkirin zai amfana, ba tare da ya karya doka ko ɗaya ba.

Inda dabarar ke yin rauni

Ba kowace raha ta manya ke tsallaka teku ba. A wani wurin ana ganin jerin ƙananan dabbobi masu kama da ɓera sanye da kwat suna fitowa daga wani banki mai suna Lemming Brothers, kowanne na bin na gabansa ya sayi abin da ya saya. Shaguɓe ne ga bankin Lehman Brothers da ya durƙushe a 2008, da kuma ɗabi'ar 'yan kasuwar kuɗi ta bin yarima a sha kiɗa. Haka ma Mr. Big, uban 'yan daba wanda ya zamo ɗan mitsitsin jaɓa, an gina muryarsa da zamansa da bikin 'yarsa a kan fim ɗin The Godfather na 1972. Wanda bai san waɗannan ba, sai su wuce shi.

A nan ne ake gane gwanintar marubuta, kuma gwajin mai sauƙi ne: cire rabon babba, ka duba ko abin da ya rage zai tsaya da ƙafarsa. Yaron da bai san The Godfather ba yana dariya domin ƙattin masu gadi suna rawar jiki a gaban ɗan abin da bai kai tafin hannunsu ba. Bai yi asarar komai ba, bai ma san an wuce shi ba. Raha mai hawa biyu ta lalace ne idan yaro ya juyo yana tambayar abin da ya ba uban dariya, uban kuma ya rasa amsar da ta dace da kunnen yaro. Irin wannan ya fi faruwa a fina-finan da ke cusa zancen batsa a kaikaice, su dogara da cewa yara ba za su gane ba.

Dalilin yin hakan ba ɓoyayye ba ne. Yaro ba ya sayen tikiti, ba ya biyan kuɗin kallo a intanet, kuma yakan so a maimaita fim ɗaya sau goma. Dole a tanadar wa mai biya abin da zai hana shi gajiya. Zootopia, wanda Byron Howard da Rich Moore suka ba da umarninsa, ya tara sama da dala biliyan ɗaya, ya kuma ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane a 2017.

Fim ɗin ya ajiye ƙarshen wannan rahar har zuwa rufewa. Judy da Nick, wanda ya zama ɗan sanda, sun tare wata motar tsere da ke tsala gudu a titi. Gilashi ya sauka a hankali, sai ga Flash a kujerar direba. Yara na ihu domin sun gane fuskar. Iyayen kuwa sun san mutumin da fayil ke kwana uku a teburinsa, amma in an tashi aiki babu mai riga shi isa bakin ƙofa, kuma da yawa daga cikinsu ranar Litinin za su zauna ne a bayan irin wannan tebur ɗin.