Me ya sa zafi ke buɗe wa lantarki hanya a cikin silikon?

Idan wayar jan ƙarfe ta yi zafi, lantarki yakan ƙara shan wahalar bi ta cikinta. Kowane digiri ɗaya na zafi yana ƙara mata turjiya da kusan kashi 0.4 cikin ɗari, domin zarrorin ƙarfen suna ƙara karkarwa suna tare wa ilektron hanya. Silikon tsantsa kuwa akasin haka yake: yana ɗumama, hanya tana buɗewa. Tun a 1833 Michael Faraday ya ga wannan hali a wani sinadarin azurfa da farar wuta, amma sai a 1931 Alan Wilson ya yi bayaninsa.

A cikin daskararren abu, ba kowane adadin kuzari ilektron ke iya ɗauka ba. Akwai zanguna da aka yarje masa, akwai giɓin da ba ya iya tsayawa a ciki. Ka ɗauka bene ne mai hawa biyu ba matakala: ƙasa cike maƙil har ba wurin motsi, sama kuma wayam. Kowace zarrar silikon tana da ilektron huɗu a bayanta, duk a ɗaure da maƙwabta huɗu. Su ne mazauna zangon ƙasa. Sai wanda ya tsallaka sama ne ke iya ɗaukar lantarki. Faɗin giɓin silikon 1.12 eV ne, na daimon kuwa kusan 5.5 eV, shi ya sa lantarki ba ya ratsa shi. Ƙarfe ba shi da wannan shinge ko kaɗan.

A zafin ɗaki, kuzarin da ilektron ke samu daga zafi bai wuce kimanin 0.026 eV ba, wato giɓin ya ninka shi fiye da sau 40. Amma zafi ba ya rabuwa daidai wa daida, don haka jefi-jefi wani yakan dace da babban rabo ya tsallake. Adadinsu kusan biliyan 10 ne a ɗan kurtun silikon mai santimita ɗaya ta kowane gefe. Da jin haka sai a ce da yawa, alhali ɗaya ne kacal cikin zarrori tiriliyan 5. Duk wanda ya hau kuma yakan bar gurbi a ƙasa, na kusa ya faɗa ciki, gurbin ya matsa gaba. Shi ma gurbin ɗan dakon lantarki ne.

A nan amsar take. Ƙarin digiri 9 ko 10 yakan ninka yawan masu tsallakewa sau biyu, daga digiri 25 zuwa 65 kuwa sun ninku wajen sau 15. Karkarwar zarrori tana rage musu gudu kamar yadda take yi a jan ƙarfe, sai dai yawan sababbin 'yan dako ya rinjayi wannan asara nesa ba kusa ba. A ƙarfe adadinsu ba ya ƙaruwa, shi ya sa asarar kaɗai ake gani.

Injiniya ba zai so na'urarsa ta dogara da yanayin gari ba, saboda haka ake yi wa silikon gauraye da gangan. Zarrar fosforas tana da ilektron biyar: huɗu su shiga ɗauri, na biyar ya rage a sake, 0.045 eV kawai yake bukata ya hau sama, kuma zafin ɗaki ya ishe shi. Wannan shi ne nau'in n. Boron mai ilektron uku gurbi yake kawowa, shi ne nau'in p. Zarrar fosforas ɗaya cikin kowace miliyan 5 ta isa ta ninka 'yan dako kusan sau miliyan. Inda n ya haɗu da p, nan ake samun diyod, tiransista da ƙwayar sola.

Gaurayayyen silikon yana da nasa hali. A zafin yau da kullum duk baƙin zarrorin sun riga sun saki nasu, adadi ya tsaya cak, don haka ƙarin zafi yakan ɗan rage ratsawar lantarki ne, irin na ƙarfe. Sai zafi ya yi tsanani masu tsallake giɓi su rinjayi na gaurayen, bambancin n da p ya shafe. Tun kafin a kai nan lantarki ke fara yoyo ta mahaɗar, shi ya sa yawancin kayan silikon ake yanke musu iyaka a wajen digiri 150.

Mai sola a Sakkwato ko Maraɗi yana ganin wannan yoyo a watan Afrilu. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faifan an auna shi ne a digiri 25, kuma kowane digiri sama da haka yana cin kusan kashi 0.4 cikin ɗari, saboda boltej na faɗuwa. Faifai mai wat 300 da ya kai digiri 65 a kan kwano ya yi asarar kashi 16, saura wat 250 da ɗan kai. Shi ya sa ake ɗaga shi daga jikin rufi, iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa.