Bidiyon da Ke Zuwa Guntu-Guntu: Yadda HLS Ke Yanka Fim, da Yadda Ake Ɗinke Shi

Wanda ya taɓa ƙoƙarin sauke karatu na awa guda daga intanet ya san wannan abin haushi. Bidiyo na tafiya sumul a waya, amma da aka danna saukewa sai ga wani ɗan mitsitsin fayil mai suna `index.m3u8`, wanda nauyinsa bai kai na hoto ɗaya ba. A buɗe shi, babu hoto babu murya, sai layukan rubutu. Mutane da yawa nan take suke goge shi, suna zaton saukewar ce ta lalace. Alhali fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Takardar jerin kaya ce, kayan kuma suna can wani wuri.

Sunan wannan tsari HLS. Kamfanin Apple ne ya fito da shi a 2009 domin wayoyin iPhone, kuma a watan Agustan 2017 aka wallafa ƙa'idojinsa a takardar da ake kira RFC 8216. Dabarar mai sauƙi ce: a maimakon a miƙa wa waya ƙaton fayil guda, sai a yayyanka bidiyon guntu-guntu, a rubuta sunayen guntayen bi da bi, waya ta riƙa ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take ɗauko hotunan kowane shafi. Da farko daƙiƙa 10 aka fi yi wa kowane guntu, daga baya Apple ya koma ba da shawarar daƙiƙa 6.

Karatun nan na awa guda daƙiƙa 3,600 ne. In aka yanka shi shida-shida, guntaye kusan 600 za a samu. Jerin nasu, in an taƙaita shi zuwa guntaye biyu, ga kamanninsa:

```
#EXTM3U
#EXT-X-VERSION:3
#EXT-X-TARGETDURATION:6
#EXTINF:6.006,
seg1.ts
#EXTINF:6.006,
seg2.ts
#EXT-X-ENDLIST
```

Kowane layin `#EXTINF` yana faɗin tsawon guntun da ke ƙarƙashinsa. Layin ƙarshe kuwa shaida ce cewa bidiyon ya kammala. A shirin kai-tsaye, kamar wasan ƙwallo, ba a ganin wannan layi. Waya na ta komawa ta sake karanta jerin, sababbin guntaye na shigowa ta ƙasa, tsofaffi sau da yawa suna ficewa ta sama. Shi ya sa mai kallo a intanet kan ji ihun maƙwabta kafin ƙwallo ta shiga raga a wayarsa: manhajar kan fara kallo ne da tazarar guntaye uku daga ƙarshen jerin, wato kusan daƙiƙa 18, ban da lokacin da aka ɗauka ana haɗa guntayen.

Ba a ko'ina ake sa wuƙa ba. Bidiyo ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye cikakken hoto guda, sai hotunan da ke biye su ɗauki abin da ya sauya kawai, kamar motsin leɓe ko ɗaga hannu. Guntun da ya fara daga tsakiyar wannan sarƙa ba shi da madogara, sai hoto ya fito a dagule. Don haka a bakin cikakken hoto ake yanka, kuma wannan na cikin dalilan da tsawon guntaye ba ya cika zama daidai wa daida.

Amfanin wannan wahala yana bayyana ne lokacin da sabis ya yi rauni. Galibi akan tanadi bidiyo ɗaya a inganci daban-daban, kowanne da nasa jerin, sannan a yi babban jeri da ke nuna su duka tare da `BANDWIDTH` da `RESOLUTION` na kowanne. A ce mai kyan yana cin megabit 2 a daƙiƙa: kowane guntu megabayit ɗaya da rabi ke nan, awa guda kuma megabayit 900. Ƙaramin da ke cin kilobit 800 zai tsaya a megabayit 360. Waya na auna saurin da guntun baya ya iso, in ta ga ana jan ƙafa sai ta nemi na gaba daga ƙaramin jerin. Dishi-dishin da hoto ke yi na ɗan lokaci sannan ya washe, wannan sauyin ne.

To, yaya ake mayar da guntaye 600 fayil guda?

Guntayen `.ts` suna da wata baiwa. An gina su ne da ƙananan ƙunshi masu bayit 188 kowanne, tsarin da aka yi tun asali domin watsa talabijin, inda mai kallo ke iya kamo tasha a kowane lokaci. Saboda haka in aka jera su baki da baki, yawanci sai su yi aiki kamar fayil ɗaya. Amma akwai tarko. Wanda ya rubuta `cat seg*.ts > duka.ts` zai iya tarar da karatunsa a hargitse, domin kwamfuta na jera sunaye ne harafi-harafi: bayan `seg1.ts` da `seg10.ts` sai `seg100.ts`, shi kuwa `seg2.ts` yana can baya yana jiran layi. Alamar ita ce malam na cikin gabatarwa sai a tsince shi a minti na goma.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce a bar jerin ya yi jagora. Manhajar `ffmpeg`, wadda kyauta ce, tana karanta jerin da kanta:

```
ffmpeg -i index.m3u8 -c copy karatu.mp4
```

Sirrin yana ga `-c copy`. Ma'anarsa kada a sake sarrafa hoto ko murya, a kwashe su yadda suke a zuba a sabon mazubi. Inganci ba ya raguwa ko kaɗan, aikin kuma ba ya wuce lokacin da saukewar ta ci. In aka manta da shi, kwamfuta za ta sake matse bidiyon daga farko, ta daɗe tana huci, hoton ma ya ɗan rage kyau. Sai dai in jerin kaɗai aka sauke, guntayen ba sa kusa da shi, dole a ba manhajar cikakken adireshinsa na intanet, domin sunayen da ke ciki daga mazaunin jerin ake lissafa su.

Ko da hakan, abubuwa kan ɓaci, kuma jerin ne ke tona dalili. Bidiyon da ya fito bebe, mai yiwuwa an ajiye muryarsa a wani jeri dabam, wanda babban jerin ke nunawa da layin `#EXT-X-MEDIA`. Maganin shi ne a fara daga babban jerin. Tun 2016 kuma HLS ya karɓi wasu guntaye na dangin MP4, waɗanda sau da yawa sunansu ke ƙarewa da `.m4s`. Su ba sa buɗuwa sai da wani ɗan fayil na share fage da layin `#EXT-X-MAP` ke ambata, kuma shi ne dole ya zo farko. Inda aka cusa talla a tsakiya, akan ga `#EXT-X-DISCONTINUITY`, wurin da lissafin lokaci ke sake tashi, kuma nan ne murya ta fi saɓa wa motsin baki bayan haɗawa.

Sai kuma kulle. Layin `#EXT-X-KEY` na nufin an rufe guntayen da mabuɗi. In `AES-128` ne, kuma mai kallo na da izinin karɓar mabuɗin, `ffmpeg` kan buɗe su yayin haɗawa. Manyan dandamalin fina-finai kuwa suna amfani da kulle irin FairPlay, wanda ba ya sakin mabuɗi sai ga na'urar da aka amince da ita. Guntayensu ko an ɗinke su ba za su nuna komai ba. An yi haka da gangan, domin fim dukiyar mai shi ce, kuma iya haɗa guntaye ba ya zama izinin rarraba aikin wani.

Ga mai ajiye nasa karatun ko bidiyon da aka ba shi izini, akwai gwaji ɗaya kafin ya goge guntayen: ya duba tsawon sabon fayil da `ffprobe karatu.mp4`, ya gwada da jimillar lambobin `#EXTINF`. In awa guda ta dawo minti 59 da daƙiƙa 54, guntu ɗaya ya maƙale a hanya, sai a sake saukewa.