Ba Ka Je Taro Ba? Ga Yadda Ake Neman Afuwa Ta Imel

Wanda ya kira taro, ya jira ka bai gan ka ba, abu biyu yake son ji daga bakinka: ko ka san abin da rashin zuwanka ya jawo, da kuma yadda za ka gyara. Labarin cunkoson hanya da mutuwar batirin waya ba ya cikin abin da ya dame shi, amma da shi yawancinmu muke cika saƙon.

A ce akanta ne a wani kamfani. An sa taron kasafin kuɗi ranar Talata da ƙarfe 10 na safe, shi ne zai gabatar da lissafin wata uku, sai ya rubuta Laraba a kalandarsa. Kafin a tashi aiki a ranar ya kamata saƙonsa ya isa, domin haƙurin da ya kwana kama yake da na dole. Taken saƙon gajere ne: "Neman afuwa: taron kasafi na yau". Sai ya rubuta:

"Ranka ya daɗe, barka da rana. Ina neman afuwa bisa rashin zuwana taron kasafi na safiyar yau. Laifina ne, na rubuta ranar ba daidai ba. Na san hakan ya sa an ɗage shawarar kuɗin sayayya, an kuma ɓata wa mutane lokaci. Ga rahoton nan na haɗo da wannan saƙo. In babu damuwa, zan gabatar da shi gobe da ƙarfe 11, ko duk lokacin da ka tsayar. Na gode."

Dalilin jimla ɗaya ce tak, kuma ta isa. Da zarar dalili ya zama uku, mai karatu ya fara shakkar dukkansu. In dalilin na gida ne, kamar rashin lafiyar iyali, "wani uzuri na gaggawa ya taso mini" ya wadatar. Manaja ba ya buƙatar sunan asibitin.

Akwai kalmomin da ke rushe saƙon ba tare da mai shi ya lura ba. "Amma" ce ta farko: "na yi kuskure, amma sakatare bai tuna mini ba" tura laifi ne kan wani. Haka "idan na ɓata muku rai", ai babu wani idan, an riga an ɓata. Maimaita "don Allah a yi haƙuri" sau biyar kuma yana ɗora wa wanda aka yi wa laifi aikin rarrashinka.

A tura wa shugaban taron shi kaɗai, kada a danna Reply All sai in kowa rahotonka yake jira. Idan babba ne ƙwarai, fara kiransa a waya ko ka je ofishinsa, imel ɗin ya biyo baya. In ka ce ƙarfe 11, to 11 saura kwata ta same ka a zaune.