Kofin Ruwa Zai Gaya Maka Gaskiyar Firjinku

A hutun da ya wuce, sau biyu miyar taushen Mama tana yin tsami alhali tana cikin firji, kuma ba a ɗauke wuta ba. In ka zura hannu za ka ji sanyi, amma hannu ba ya faɗin digiri. Firjin da ake ajiye abinci ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 0 zuwa 5 a ma'aunin Salshiyos. Da zarar ya haura haka, ƙwayoyin cutar da ke lalata ciki sukan samu damar hayayyafa, wani lokacin ma ba tare da abincin ya canja wari ba.

Sai na aro ma'aunin zafi irin na kicin, mai nuna lamba. Kada ka ɗauko na auna zazzaɓi, domin shi ba ya sauka zuwa irin wannan sanyi. Ka kuma guji na gilashi mai zaiba, don idan ya fashe kusa da abinci, guba ne. Kafin na fara, na tsoma shi cikin ruwa mai cike da dakakkiyar ƙanƙara. Ya nuna 0, na tabbata lafiyarsa lau.

Bayan sallar isha'i na cika kofin gilashi da ruwa, na tsoma ma'aunin, na ajiye a tsakiyar benen tsakiya, nesa da ƙofa da bangon baya. Na roƙi ƙannena kada kowa ya buɗe har asuba, wajen awa 8 ke nan.

Me ya sa sai cikin ruwa? Iskar firji tana ɗumama da zarar an buɗe ƙofa, ta kuma sake hucewa idan injin ya tashi. Shi kuwa ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi ko sakinsa, haka ma miya da nono. Saboda haka abin da kofin ya nuna shi ne halin da abincin yake ciki.

Da asuba na buɗe, na karanta nan take ma'aunin yana cikin ruwan: digiri 9! Abin murɗawar firjin yana kan 2, kuma waɗannan lambobin ba digiri ba ne. A yawancin firji, babbar lamba ita ce ƙarin sanyi. Na mayar da shi 4, washegari na samu digiri 7.

Da sauran aiki ke nan. Na maƙala takarda a bakin ƙofa na rufe, na ja ta, sai ta zare salin-alin. Ashe robar ƙofar ta saki, sanyi yana zurarewa. Bayan mai gyara ya canja ta, kofin ya nuna 4.

In za ka gwada na gidanku, zaɓi daren da wuta ta kwana. Idan an ɗauke ta, ka sake awon wani daren.