Gargaɗi ga Masu Zuwa Dubiya Ɗakin Yara a Vom: Ƙyanda Ta Shigo Gari

Iyaye, 'yan uwa, maƙwabta, ku tsaya a bakin ƙofa ku karanta kafin ku ɗaga ƙafa.

Ƙyanda ta shigo. Baƙon dauro da kakanninmu ke tsoron ambata yana cikinmu, yana kwantar da yara, kuma ɗakin da kuke shirin shiga cike yake da waɗanda ya fi saurin kayarwa.

Mun san abin da ya kawo ku. Zumunci ne. A ƙasar nan ba a barin mai jinya shi kaɗai. Daga Kuru, daga Bukuru, daga ƙauyukan Vwang ake tahowa da kwanon abinci da addu'a. Amma a wannan lokaci ƙafar mai dubiya ita ce hanyar da cutar ke bi ta shiga, ita ce kuma hanyar da take bi ta fita. Ya zama wajibi a faɗi wannan ba kunya.

Ƙyanda a iska take tafiya. Mai ita ya yi tari, ko atishawa, ko numfashi kawai, ƙwayar cutar ta bazu a ɗaki. Ya tashi ya fita, ita tana nan rataye har awa biyu. Za ka iya shiga ɗakin da babu kowa, ba ka taɓa gado ba, ba ka gaisa da kowa ba, ka fito da ita. A cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna kusa da mai ita, tara sukan kamu. Cututtukan da suka kai ta saurin yaɗuwa ba su da yawa a duniya.

Abin da ya fi muni shi ne tana yaɗuwa tun kafin a gane ta. Yaro yana baza ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, ya ci gaba kwana huɗu bayan sun fito. A kwanakin farkon nan babu abin da ake gani sai zazzaɓi, tari, majina da jan ido. Kowa cewa yake mura ce, sanyin Filato ne.

A duba yadda abin ke faruwa. A ce ranar Litinin, 3 ga wata, gwaggo ta zo duba ɗan ƙanenta da ke kwance. Tana goye da jaririyarta 'yar wata bakwai, wadda ba ta kai wata tara na allurar ƙyanda ba. Ta zauna rabin awa, ta yi addu'a, ta ajiye kunu, ta tafi. Jaririya lafiya lau, tana wasa. Mako guda ya wuce, shiru. Uwa ta manta ma ta je asibiti.

Wajen Alhamis, 13 ga wata, jiki ya yi zafi, ido ya yi ja. Ranar Juma'a aka tafi da ita gidan suna, mata suka yi ta karɓa hannu zuwa hannu. Ranar Lahadi tana majami'a, a tsakiyar masu goyo. Sai Litinin, 17 ga wata, ƙuraje suka feso daga bayan kunne da goshi suka gangaro jiki. A ranar ce aka ce, ashe ƙyanda ce. Ta riga ta yi kwana huɗu tana rabawa, kuma za ta ci gaba har 21 ga wata. Duk wannan daga zaman rabin awa.

Saboda haka ya zama wajibi a bar yara a gida. Babu yaron da zai shigo dubiya, babba ko ƙarami, mai rigakafi ko marar shi. Babu goyo. Zanen goyo ba ya tare iska.

Ya zama wajibi mai juna biyu ta tsaya a waje. Ƙyanda na iya jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jariri marar nauyi, kuma ba a yi wa mai ciki wannan allura. Ba ta da abin kare kanta sai nisa.

Ya zama wajibi duk mai zazzaɓi, tari, majina, jan ido ko ƙuraje ya koma gida, ko da kaka ce, ko fasto, ko liman. Haka wanda ya baro mai ƙyanda a gidansa kuma shi kansa bai taɓa yin ta ba, bai kuma yi allurar ba. Haka mai cutar da ta raunana garkuwar jiki.

Mai jinya ɗaya ya isa kowane gado, kuma ya kasance wanda ya taɓa yin ƙyanda ko aka yi masa allura. Kada a riƙa sauya shi safe da yamma. Kowane sabon mutum sabuwar hanya ce. Abinci a miƙa a ƙofa. Gaisuwa a yi ta waya. Ƙungiyar zumuntar mata da 'yan uwa na masallaci su yi addu'arsu daga inda suke, Allah na ji.

Wanda aka ba izinin shiga kuma, ya zauna a gadon da ya zo dominsa. Wannan al'ada tamu ta bin gado gado ana cewa sannu, yaya mai jiki, ana shafa kan yaro, a ajiye ta. A gadon da ke kusa da naka wataƙila mai tamowa ne, ko mai sikila, ko jaririn da ke fama da ciwon huhu. Irin waɗannan ƙyanda ba ta yi musu da wasa. Kuma wanda ke jinya a ɓangaren da aka killace masu ƙyanda, kada ya leƙa babban ɗaki aron cokali ko cajin waya.

Sai takunkumi. Ya zama wajibi a sa shi tun kafin a shiga, ya rufe hanci da baki har ƙasan haɓa, a matse ƙarfen da ke kan karan hanci. Wanda ya zame ƙasan hanci ba ya aikin komai. Wanda aka sauke don a yi magana, an sauke shi ne daidai lokacin da ake bukatarsa. Gefen mayafi da hankici ba takunkumi ba ne. Idan ya jiƙe a canza. In za a cire, a kama igiyar kunne, a jefa a kwandon sharar ɗakin, a wanke hannu. Kada a cusa a aljihu a kai gida.

Amma kada takunkumi ya ruɗi kowa. Wannan shuɗin na asibiti yana rage abin da ke fita daga bakin mai shi, sai dai iska na shiga ta gefensa, ƙwayar ƙyanda kuwa cikin iskar take. Shi ya sa aka tanadi mai matsewa sosai, wanda ake kira N95, domin ma'aikatan da ke kan masu ita. Marar rigakafi da ya ce ai na sa takunkumi zan shiga, yana yaudarar kansa. Kuma ba a sa wa yaron da bai kai shekara biyu ba takunkumi, don yana iya toshe masa numfashi. Wannan ma wani dalili ne na barinsa a gida.

Taga kuma a bar ta a buɗe. Mun san sanyin Vom, mun san yadda hunturu ke shiga ƙashi da asuba. Duk da haka, ɗakin da aka rufe ruf yana tara cutar ne wuri ɗaya. A ƙara wa yaro bargo da hula. Kada wani mai jinya ya tashi cikin dare ya rufe tagar da nas ta buɗe.

Wanke hannu ya zama wajibi, da sabulu da ruwa mai gudana, aƙalla sakan 20, har tsakanin yatsu: lokacin shiga, lokacin fita, kafin ba yaro abinci, bayan share majina ko sauya ƙunzugu. Kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu ba wanki ba ne. Wani zai ce, in dai a iska take, me ya kawo hannu? Majina da yawu na ɗauke da ita. Ban da haka, ƙyanda tana goge wa jiki abin da ya koya na yaƙi da wasu cututtuka, ta bar yaro a buɗe tsawon watanni, wani lokaci fiye. Yawancin yaran da ke mutuwa ba ƙurajen ke kashe su ba. Ciwon huhu ne da gudawa da suka biyo baya. Gudawar nan kuwa a hannu da kofi da cokali take zuwa. Kowane yaro da nasa kofi, da nasa cokali, da nasa tawul.

Kada a shigo da maganin gida. Musamman ido. Ƙyanda tana cinye sinadarin bitamin A na jiki, ido ya bushe, ya yi gyambo. A ɗiga masa ruwan ganye ko wani haɗi a kan haka, sai makanta ta har abada. Maganin da ke ceton idon yana hannun ma'aikata: bitamin A sau biyu, yau da gobe, gwargwadon shekarun yaro. Kada kuma a hana shi nono, ko ruwa, ko abinci da sunan wai a bar ƙurajen su fito. Idan mai jinya ya ga numfashi na sauri, ko ƙirji na lotsawa, ko yaro ya ƙi sha, ko ya sandare, ko ya yi barcin da ba a iya tashinsa, ya kira nas nan take, ko ƙarfe nawa ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 ƙyanda ta kashe mutum kimanin 107,500, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Cutar da allurarta kyauta ce. Mu a Vom ba mu da bakin cewa ba mu san amfanin allura ba. Tun 1924 cibiyar binciken lafiyar dabbobi ke zaune a garin nan, kuma ciwon bushiya na shanu ne ya kafa ta. Bushiya 'yar uwar ƙyanda ce ta jini. Da allura aka bi ta garke garke, har aka sanar a 2011 cewa ta ƙare a duniya. An yi wa shanu. Abin kunya ne a ce 'ya'yanmu na kwance saboda katin rigakafi na cikin akwati ba a cike ba.

Ya zama wajibi kowace uwa ta buɗe katin nan yau. Allura ta farko a wata tara, ta biyu a wata goma sha biyar. Ɗaya ba ta wadatar ba, domin akwai yaran da ta farko ba ta kama su. Sai kashi 95 cikin 100 na jama'a sun samu biyun cutar ke rasa wurin sauka.

Wanda kuma ya riga ya shigo da yaro kafin ya ga wannan takarda, kada ya ɓoye. Ɓoyewa haɗa baki ne da cutar. Akwai awa 72 daga lokacin cuɗanya da allura za ta iya tare ta ko ta sassauta ta, kuma a lokacin annoba ana iya yi wa jariri tun daga wata shida, sannan ya karɓi nasa biyun idan lokacinsu ya yi. Da gwaggon nan ta dawo kafin Alhamis, 6 ga wata, da wataƙila ba a kai ga gidan suna da majami'a ba.

Idan awa 72 sun wuce, a tsare yaron a gida kwana 21, ba makaranta, ba kasuwa, ba taro. Zazzaɓi ya taso, a kawo shi asibiti, amma kada a zauna da shi a layin masu jiran likita. A faɗa wa ma'aikacin farko da aka gani a ƙofa cewa ana zargin ƙyanda, domin a kai shi inda aka ware.